Sanarwa kan bitar teburin regression

Assalamu alaikum ƴan'uwa ɗalibai,

Za mu haɗu ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma a ajinmu, saboda teburin regression na yawan cinye mana maki a jarrabawa. Kowa ya zo da kalkuleta da amsar wannan.

Ana hasashen maki daga awannin karatu. A ƙarƙashin Coefficients, layin Intercept ya nuna 40, layin awanni kuma ya nuna 5. Wato ƙarin awa ɗaya na tafiya da ƙarin maki 5 a matsakaici, 40 kuwa hasashen makin wanda bai yi karatu ba ne. R Square 0.64 na nufin awanni sun bayyana kashi 64 cikin ɗari na bambancin maki. Don Allah kar a ɗauko Multiple R, shi 0.8 ne, nan da yawa ke zamewa.

Ku lissafo hasashen makin mai awa 6.

Allah ya ba mu sa'a.