Kafin ka ƙara sayen wata kwalbar

Assalamu alaikum, mutumina.

Da fatan kai da iyali kuna lafiya, ya kasuwa, ya ruwan Kumasi? Mu nan Zariya alhamdu lillahi. Hajiya tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran goron da ka yi mata alkawari.

Na ji saƙonka kan ɗaurewar ƙafar nan da ke tashinka cikin dare. Ka ce ka fara shan ƙwayar maganiziyam, da man habbatus sauda, da garin zogale, duk a mako guda, kuma ka ji sauƙi. Allah ya ƙara sauƙi. Amma tsakani da Allah, cikin ukun wanne ya yi aikin? Ba ka sani ba, kuma a haka ba za ka taɓa sani ba, sai dai ka yi ta sayen ukun.

Ni ma bara sharaɓata ta dame ni, na kuwa sayi maganiziyam ɗin a kemis. Sai dai ban buɗe kwalbar nan take ba. Na ɗauko littafin rubutu irin na 'yan firamare, na ja layi huɗu: kwanan wata, abin da na sha, ko ƙafar ta ɗaure a daren, sai gurbi na ƙarshe na abin da ya faru ranar, kamar tafiya, zazzaɓi ko doguwar tsayuwa. Ina cikewa da na dawo daga sallar asuba, don in ka bari sai Juma'a ka rubuta na mako, abin da kake so ya faru za ka tuna.

Mako biyun farko ban sha komai ba, ƙirge kawai nake yi. Wannan ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ma'aunin. Yawanci mutum yana neman magani ne lokacin da ciwo ya kai maƙura, shi kuwa irin wannan ciwo hawa da sauka yake yi, ko ka sha ko ba ka sha ba zai ɗan lafa, sai kwalba ta kwashe yabon. Cikin dare 14 ƙafar ta tashe ni sau 6.

Daga nan na fara sha, ƙwaya ɗaya bayan abincin dare, ban canza shayi ko lokacin kwanciya ba. Mako biyu na farko sau 2 kacal ta ɗaure. Wallahi har na fara yi wa malaman makarantarmu talla a ɗakin hutu. Mako biyu na gaba, ina nan ina sha, sai ta koma sau 5. Na ajiye kwalbar na wani mako biyun, na samu sau 4.

Da na zauna na bi gurbin ƙarshen nan, sai dariya ta kama ni. Makonnin da na samu sauƙi hutun makaranta ne, ba na wuni a tsaye gaban allo. Da aka koma aji, ƙafa ta koma halinta, da ƙwaya da babu. Abin da ƙwayar ta yi mini tabbas shi ne sakin ciki, wanda na rubuta kwana uku a jere, kuma sananne ne ga maganiziyam. Ban ce kai ma ba zai yi maka ba, jikinka daban. Ni dai ban sake saye ba.

To ga shawarata. Ajiye ukun na mako biyu ka ƙirga, sannan ka dawo da ɗaya tak na mako huɗu, ka sake ajiyewa na mako biyu ka ga ko ciwon zai dawo. Kada ka fara ana gab da azumi ko wata tafiya, don barci da shan ruwa duk za su canza, lissafin ya rikice. Kuma littafin nan na abubuwan ƙarin lafiya ne kawai, maganin hawan jininka ba a gwaji da shi, kada ka dakatar ko na kwana ɗaya. Tunda ma kana da hawan jini, ka nuna wa likitanka kwalbar, saboda wanda ƙodarsa ta yi rauni maganiziyam yakan taru masa a jiki. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, wannan asibiti za ka nufa a ranar.

In ka cika mako takwas ɗin, ɗauki hoton shafukan ka turo mini mu duba tare. Ka gaida uwargida da yara, ka kuma tuna da goron Hajiya.

Naka amini,
daga Zariya.