Rahoton Ayyukan Shekara: Hotunan Ƙirƙirarriyar Basira a Aikin Kwali

Assalamu alaikum. Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa masu zane da masu buga aiki, ga rahoton abin da muka yi bana daga ofishin sakatare.

Zaman wata-wata ya gudana yadda aka saba, in ban da na watan azumi da muka ɗage. Bayanin kuɗin shiga da na fita yana wurin ma'aji, zai karanta nasa daban. Mun kai ziyara wasu wuraren ɗab'i a Sabon Gari da Fagge, mun kuma leƙa masu buga leda a Sharaɗa, mun gode da karramawar da aka yi mana. Amma abin da ya cinye mana shekarar nan magana ɗaya ce: hoton da ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa, wanda kwastoma zai nuna maka a waya ya ce shi yake so a jikin kwalinsa. Kusan duk ƙorafin da ya zo gaban kwamiti daga nan ya taso, don haka zan daɗe a kansa.

Aikin da ya fi koya mana darasi shi ne kwalin garin zogale na wata Hajiya da ke kai kaya shaguna a birni. Fuskar kwalin santimita 15 ce a faɗi, 20 a tsawo. Ita ta haɗa hoton da ƙirƙirarriyar basira, ganye kore shar a cikin akushi, ta turo wa wani matashin mambanmu ta WhatsApp. Ya ɗora a CorelDRAW, ya ja kusurwa har hoton ya cika fuskar, aka fitar da filet aka buga. Ranar da aka kawo mana kwalin na riƙe shi a hannuna. Gefen ganyen ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa mai, koren ya koma kalar miyar kuka, rubutun ƙasa kuma sai ka matse ido. Hajiya ta ce, “Malam, wallahi ba wannan na gani a wayata ba.” Gaskiyarta ce, kuma yaron bai yi ha'inci ba, lissafi ne bai yi ba.

Hoton nata fiksil 1024 ne a kowane gefe, girman da manhajojin haɗa hoto da dama ke bayarwa. Kwalin da za a riƙe a hannu a duba kusa yana son fiksil 300 a kowane inci. Raba 1024 da 300, za ka ga hoton bai kai inci uku da rabi ba, wato ƙasa da santimita 9. Shi kuwa kwali, in aka ƙara milimita 3 na rarar yanka a kowane gefe, ya zama 15.6 da 20.6. Ga lissafin da muka liƙa a bangon ofis:

```
fiksil = santimita ÷ 2.54 × 300
15.6 → 1843
20.6 → 2433
```

Da aka miƙe 1024 a kan tsawon 20.6, abin da ya rage fiksil 126 ne a inci, ko rabin abin da ake bukata bai kai ba. Ga kuma matsewar da WhatsApp ke yi wa hoton da ba a tura shi a matsayin Document ba. A zaman horon da muka yi bayan ƙaramar sallah na ga mutane da dama suna buɗe Image Size a Photoshop, su goge 72 su rubuta 300, su ce sun gyara. In an cire alamar Resample, ko fiksil ɗaya bai ƙaru ba, girman bugun ne kawai ya ragu. In an bar ta, kwamfuta ce ke cike gurbi da kintace.

Daga nan muka gwada manhajar ƙara girma, aka ninka hoton sau huɗu ya zama 4096. A allo ya yi kyau ƙwarai. Da muka buga wani yanki a ainihin girmansa, wani dattijonmu da ya shekara da shekaru a kan inji ya sa gilashinsa ya ce, “Yara, wannan ba zogale ba ne.” Ƙananan ganyen sun manne da juna, jijiyoyinsu sun bi inda ba sa bi, akushin ya yi sulɓi kamar roba. Manhajar ba ta san abin da ya ɓace ba, ƙirƙirowa take yi, kuma iya ninkin da ka nema iya ƙirƙirar da za ta yi. A kayan abinci wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai saye ya san zogale tun yana yaro. Kwamiti ya tsaya a kan ninki biyu ga aikin kwali da sitika. Banar talla da allon talla da ake hange daga nesa suna ɗaukar fiye da haka, ba su muke magana ba.

Sai aka sake haɗa hoton a tsaye, 1024 da 1536, ba tare da rubutu ko ɗaya a ciki ba. Ninki biyu ya ba mu 2048 da 3072, ya wuce abin da lissafi ya nema har aka datse sama da ƙasa. Sunan kaya, lambar NAFDAC, lambar sikanin da bayanin amfani duk a CorelDRAW aka rubuta su daban. Ƙananan rubutu baƙi zalla aka yi su, K 100, saboda a injin Kod mai kala ɗaya takarda sau huɗu take wucewa, in filet ya goce ko kaɗan, rubutun da aka haɗa da kala huɗu sai ya yi inuwa.

Maganar kore ta fi wuya, don ba ta da gyara gaba ɗaya. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada ce a kanta, kuma akwai kore shar da shuɗi mai walƙiya da tawadar CMYK ba za ta taɓa kaiwa ba. Hotunan nan a sRGB ake ɗaukarsu, wasu ma suna zuwa ba furofayil a jikinsu, sai ka fara sa musu sRGB ta Assign Profile a Photoshop. Bayan haka ka zaɓi furofayil ɗin bugun a Proof Setup, ka danna Ctrl+Y ka ga yadda zai fito, Shift+Ctrl+Y kuma ya rufe wuraren da tawada ba ta kai ba da toka-toka. A hoton Hajiya fiye da rabin ganyen ya rufe. Mun sassauta koren da hannunmu tun yana sRGB, sannan muka juya shi sau ɗaya tak, a ƙarshe, zuwa furofayil ɗin CMYK na Coated FOGRA39, wanda mai injin ya amince da shi tunda kwalin mai sheƙi ne. Kwali mara sheƙi yana shan tawada, kalarsa ta fi dushewa, leda kuma lissafinta daban. Ku tambayi mai inji kafin ku juya, kada ku bar wanda manhaja ta zo da shi don kawai shi kuka tarar.

An buga gwaji a kan irin kwalin, aka fita da shi hasken rana, Hajiya ta duba ta sa hannu a bayansa. Koren bai kai na wayarta ba, mun faɗa mata haka tun kafin ta gani, ta ce ta yarda tunda ganyen ya fito ganye. Asarar bugun farko an raba ta tsakanin ɓangarorin cikin sulhu, Allah ya saka wa dattijan da suka shiga tsakani.

Abin da ba mu cimma ba shi ne sayen na'urar daidaita kalar allo da muka yi niyya, kuɗin bai taru ba, mun mayar da shi shekara mai zuwa in Allah ya kai mu. Abin yana damuna, domin na ga hoto ɗaya ya fito da kore iri uku a kwamfuta uku cikin shago ɗaya. Kafin nan, a zama na gaba kowa ya zo da kwali ɗaya da ya buga bana tare da fayil ɗinsa a filashi, wanda ya yi kyau ko wanda ya lalace, za mu auna su ɗaya bayan ɗaya. Za a fara bayan la'asar.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya