Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Tambaya Kan Santsin Ƙafa A Zagayen Tafiya

"Malam, na haɗa zagayen tafiya a Blender kuma ya yi kyau, amma da na saka shi a Unity sai ƙafafun jarumin suka riƙa zamewa a ƙasa. Me ke jawo haka, kuma yaya zan gyara?"

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Abubuwa biyu ne suke tafiyar da jaruminka a cikin wasan kwamfutar da kake haɗawa, kuma babu wanda ya san da zaman ɗayan. Shirin da ka rubuta yana tura gangar jiki gaba da wani sauri, shi kuma motsin da ka haɗa yana jan ƙafar da ke ƙasa baya da nasa saurin. Ƙafa tana kafewa wuri guda ne kawai idan saurin biyu ya zo daidai, domin a lokacin ne janta baya yake cinye tafiyar jiki gaba. Duk bambancin da ya rage tsakaninsu shi ne santsin da kake gani.

Saboda haka, kafin ka taɓa komai, ka auna. A ce zagayenka firam 30 ne, ana kunna shi firam 30 a daƙiƙa, wato taku biyu cikin daƙiƙa ɗaya. Ka duba ƙafar dama daga firam ɗin da dunduniya ta taɓa ƙasa zuwa wanda yatsu suka tashi. Idan hakan ya ɗauki firam 18, wato daƙiƙa 0.6, kuma ƙafar ta ja baya santimita 84, to ka raba mita 0.84 da 0.6, za ka sami mita 1.4 a daƙiƙa. Wannan shi ne saurin da motsinka yake nema. Idan a Unity ka sa jarumin yana cin mita 2 a daƙiƙa, akwai rarar mita 0.6, kuma cikin daƙiƙa 0.6 da ƙafar take ƙasa za ta zame gaba santimita 36 a kowane taku. Alkiblar zamewar ma tana nuna inda laifin yake: idan ƙafa tana zamewa gaba, jiki ya fi ta sauri, idan kuwa baya take yi, jikin ne ya yi nawa.

Gyara mafi sauƙi shi ne ka mayar da saurin jiki 1.4. Idan tsarin wasan yana buƙatar saurin ya riƙa canzawa, sai ka ɗaure saurin kunna motsin da na jiki:

```
animator.speed = moveSpeed / 1.4f;
```

Sai dai wannan dabara tana da iyaka. A mita 2 za a kunna motsin sau 1.43, kuma a ganina ya yi yawa, domin mutum idan ya ƙara sauri yana faɗaɗa taku ne tare da yawaita shi, alhali wannan lissafi yawan takun kaɗai yake ƙarawa, sai jarumin ya koma yana ƙananan taku cikin gaggawa. Gara ka haɗa wani zagayen na sassarfa, ka gauraya su a Blend Tree, ka sa ma'aunin kowanne ya zama ainihin saurinsa. Akwai kuma hanyar da motsin da kansa zai ja jikin: ka sa ƙashin tushe ya yi tafiyar mita 1.4 ɗin a Blender, sannan ka kunna Apply Root Motion a kan Animator. Ƙafa za ta kafe sosai, amma ikon saurin ya bar hannun shirinka ke nan, abin da yakan sa jarumi ya yi jinkirin amsa umarnin mai wasa.

Idan lissafin ya daidaita amma ƙafar tana ɗan zamewa gaba, ta dawo baya, ta sake yin gaba a cikin taku guda, to ka koma Blender, domin matsalar tana can. Blender yakan haɗa maɓallan motsi da lanƙwasar Bezier, wadda take farawa a hankali, ta yi sauri a tsakiya, ta ƙare a hankali, shi kuwa jiki a cikin wasa saurinsa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Ka buɗe Graph Editor, ka zaɓi maɓallan gaba da baya na ƙafar a firam 18 ɗin da take ƙasa, ka danna T, ka zaɓi Linear. Layin ya kamata ya miƙe sambal, ƙafar tana ja baya kimanin santimita 4.7 a kowane firam. Ka bar lanƙwasar a lokacin da ƙafa take sama, inda take da amfani.

Ka kuma kula da girma. Idan ka ƙara girman jarumin sau 1.2 a Unity, takunsa ya faɗaɗa, saurin da yake nema ya koma 1.68, don haka dole ka canza 1.4 ɗin da ke cikin shirin. Kada ka yi gaggawar kulle ƙafa da IK, wato dabarar da ke riƙe tafi wuri guda gwiwa da cinya su bi shi, tun saurin bai daidaita ba, domin zai riƙe tafin a ƙasa jiki ya wuce, gwiwa ta miƙe ta fizge. Amfaninsa shi ne share ɗan santsin da yake ragewa wajen juyawa da tsayawa. Wajen gwaji, ka shimfiɗa ƙasa mai layukan murabba'i, ka sa `Time.timeScale = 0.2f`, ka kalli jarumin daga gefe, ka ga ko dunduniya ta zauna a kan layi ɗaya har zuwa tashinta.

Wassalam.