Kafin mu yarda da tallan ribar asusun zuba jari

Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin masu karatu kan tallace-tallacen kamfanonin zuba jari da ke cewa duk asusunsu sun yi riba shekara biyar a jere.

A ce kamfani ya buɗe asusu 10. Huɗu suka yi asara, sai ya rufe su ko ya haɗe su da wasu. Shidan da suka rage su ne za a gani a talla, kuma da su kaɗai ake lissafin matsakaicin riba. Ba a yi ƙarya ba, amma wanda ya sa kuɗinsa tun farko bai san wane zai tsira ba, wataƙila ma nasa na cikin huɗun. Don haka a tambayi kamfani asusu nawa ya rufe.

Idan an karɓi takardar bayanin asusu, a fara duba ranar kafa shi da shekarun da aka zaɓa aka nuna, domin ana iya fara lissafi daga bayan shekarar faɗuwa. A duba ko an cire ladan gudanarwa daga ribar. Sannan a gwada ta da hauhawar farashi: a 2024 ya haura kashi 30 cikin ɗari a Najeriya, ka ga mai ribar kashi 20 baya ya ci.

Ya kamata hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari a Najeriya, ta tilasta wa kamfanoni bayyana asusun da suka rufe.

Naku,
Wani mai karatu, Kaduna