Tanadin kuɗin haya: a raba shi gida goma, kada a raba gida goma sha biyu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan wata shawara da ake yawan ba 'yan haya, wadda a baki tana da daɗin ji amma a aikace tana jefa magidanta cikin bashi. Shawarar ita ce, tunda masu gidaje a Kano da Kaduna da Abuja sun saba karɓar kuɗin shekara a dunƙule tun kafin mutum ya shiga, alhali ma'aikaci wata-wata yake karɓar albashi, to ɗan haya ya raba kuɗin gida goma sha biyu, ya riƙa ajiye kaso ɗaya duk ƙarshen wata. A ganina wannan lissafi ne ke sa mutum ya yi tanadi shekara guda cur, amma ranar biya ta zo ya fita neman rance.

Mu ɗauki misalin ma'aikacin da ke karɓar naira 150,000 a wata, yana zaune a gidan naira 480,000 a shekara. Bisa waccan shawara zai riƙa ware 40,000 kowane wata. Sai dai watannin magidanci ba ɗaya suke ba. A watan azumi cefane yana ƙaruwa, ga ɗinkin yara na ƙaramar Salla a gaba, sannan ga Babbar Salla da batun layya, ga kuma watan Satumba da ake komawa makaranta a sabuwar shekarar karatu. Da wuya a ce bai tsallake aƙalla wata biyu ba, don haka abin da zai tara a zahiri 400,000 ne. Ana saura 'yan makonni wa'adi ya cika kuma sai dillali ya ƙwanƙwasa ƙofa da takarda a hannu, ya ce Alhaji ya ce a gaya maka siminti ya tashi, gidan ya koma 600,000. Giɓin da ya buɗe ya zama 200,000, wato ya zarce albashinsa na wata guda, kuma mutumin nan bai yi almubazzaranci da ko kwabo ba.

Ƙarin kuɗin haya ya daina zama abin mamaki tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, kuma mai gida ma a kasuwa ɗaya yake sayen hatsi da ɗan hayarsa. Saboda haka wanda ya gina tanadinsa a kan kuɗin da ya biya bara ya gina shi ne a kan adadin da ba lallai a sake karɓa ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne ɗan haya ya ɗora ƙiyasin ƙari a kan kuɗin bara, misali kashi ɗaya bisa huɗu, sannan ya raba jimlar gida goma, ya bar wata biyu a matsayin rarar da za ta shanye watannin matsi. A misalinmu, 600,000 a raba gida goma ya ba da 60,000 a wata. Idan mai gida bai yi ƙari ba, rarar ta zama somin tanadin baɗi. Na san mai karatu zai ce 60,000 daga cikin 150,000 ya yi yawa, kuma gaskiya ne, domin kashi 40 cikin ɗari ne na albashin. Amma amfanin wannan lissafi ke nan: tun a watan farko yake shaida wa mutum cewa gidan ya fara fin ƙarfinsa, lokacin da yake da sararin neman wani a natse. Ya kuma sani cewa tashi ma yana da nasa kuɗin. Ko da ya samu gidan 450,000, dillali kan nemi kashi goma cikin ɗari, wato 45,000, a wurare da dama a ƙara wani kason makamancin haka da sunan kuɗin lauya ko na rubuta yarjejeniya, kafin a zo ga kuɗin da ake riƙewa saboda ɓarna da kuɗin motar kwashe kaya. Sauƙin sabon gidan sai a shekara ta biyu ake jin sa.

Inda za a ajiye kuɗin shi ne batu na gaba, domin kuɗin haya da aka bari a asusun albashi, da katin cire kuɗi a aljihu da mai POS a bakin layi, ba ya kai wata uku. Ya kamata a buɗe asusu na dabam wanda ba a karɓar masa kati, a ba banki umarni ya riƙa tura kason kai tsaye a ranar da albashi ya shiga. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ. Abin dubawa kawai shi ne bankin yana ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, wadda a 2024 ta ɗaga abin da take lamunce wa mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankuna.

Adashi ma hanya ce, kuma ga mutane da yawa ya fi banki tasiri, domin kunyar abokan zubi ta fi ƙarfin niyyar mutum shi kaɗai. Mutum goma masu zuba 60,000 kowanne, kwasa ɗaya ta biya hayar shekara. Sai dai a nan layi shi ne komai. Wanda hayarsa ke ƙarewa a Disamba ya nemi kwasar Oktoba ko Nuwamba. Idan ya kwasa a Maris, kuɗin zai zauna wata tara a gida yana jiran biki da suna da rashin lafiya, idan kuma kwasarsa ta faɗo bayan wa'adi, to ya riga ya ci bashi. Alamar adashin da ya fara tangarɗa kuwa ba ta ɓuya: uwar adashi ta fara cewa a yi haƙuri mutum biyu ba su zuba ba, ko a miƙa wa mai kwasa kuɗi da giɓi a ce za a cike masa daga baya. Wasu kan kai wa mai gida kuɗin kashi-kashi tun kafin lokaci domin su huta da riƙo. Hakan yana da kyau idan kowane biya yana da rasit mai ɗauke da adadi da kwanan wata da shekarar da aka biya wa, domin idan aka sayar da gidan ko ya koma hannun magada, takarda kaɗai za a saurara.

Ga masu gidaje kuma, roƙona kaɗan ne. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ko ita ba ta hana karɓar na shekarar a dunƙule ba, don haka ba na sa ran wannan al'ada za ta kau nan kusa. Abin da nake nema shi ne duk mai niyyar ƙari ya sanar a rubuce wata shida kafin wa'adi, daidai da wa'adin da aka saba ba ɗan hayar shekara idan ana so ya tashi. Ƙarin 120,000 da aka sani tun da saura wata shida, 20,000 ne a wata, kuma mai albashin 150,000 zai iya lallaɓawa ya haɗa shi.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani ɗan haya, daga Kano.