Harajin da Aka Ɗora wa Mai Sayarwa: A Gyara Maganar Nan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci da shirinku na daren Talata, inda baƙonku ya ce tunda masu sayarwa aka ɗora wa harajin, mai saye babu ruwansa, mai gabatarwa kuma ya ƙyale maganar ta wuce. Kuskure ne babba. Doka tana faɗin wanda zai kai wa hukuma kuɗin ne kawai. Aljihun da kuɗin zai fito, ciniki ne ke zaɓensa.

A ce kaya ana sayar da shi 100, aka sa wa mai sayarwa harajin 10 a kan kowane ɗaya. In kayan dole ne, kamar magani, mai saye ba ya da wurin zuwa. Sai farashi ya koma 108, mai sayarwa ya miƙa wa hukuma 10, ya tsira da 98. Mai saye ya biya 8, mai sayarwa ya biya 2, alhali sunansa ne a takardar haraji. In kuwa kayan yana da madadin da harajin bai shafa ba, da ya ƙara kuɗi sosai masu saye za su watse. Ƙila 103 ne iyakarsa, ya tsira da 93, wato 7 ta faɗa kansa.

A misalin farko, ko a kan mai saye aka rubuta harajin, lissafin ba zai sauya ba: zai ba mai kaya 98, ya ba hukuma 10, dai 108 ɗin ce. Wanda ya fi rashin mafita shi ke ɗaukar kaso mai nauyi.

Kuma mai sayarwa kan tura nasa kason baya, ga ma'aikatansa da masu kawo masa kaya. A 1990 Amurka ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan abin da ya haura dala 100,000 na kuɗin jirgin ruwan shaƙatawa, don attajirai su biya. Attajirai suka rage saye, masu ƙera jiragen suka rasa aiki, a 1993 aka soke shi.

Gane mai biya ba wuya. A kwatanta farashi kafin haraji da bayansa, a cire duk wani tsadar da ba ta haraji ba, sannan a duba awo, domin wani yakan bar farashi yadda yake ya rage nauyin kayan. A sake dubawa bayan shekara: mai sayarwa kan haɗiye harajin da farko saboda hajar da ke hannunsa, amma da wasu sun bar sana'ar, kaya ya yi ƙaranci, nauyin ya koma kan mai saye.

 Shi kuma baƙon, a dawo da shi ya yi wannan lissafi a gaban masu sauraro.

Wassalam,
Mai sauraronku na kullum