Zancen shagon ƙanenka: haya ko kwantena

Assalamu alaikum aminina,

Ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya zaman Tamanrasat da kewar gida? Nan Damagaram kowa lafiya lau sai zafi, na leƙa Hajiya ranar Juma'a tana gaishe ka ƙwarai, ƙafar ma ta yi sauƙi alhamdu lillahi.

To zancen da ka ɗora mani na shagon ƙanenka, wato a kama mashi haya ko a sayi kwantena a huta da mai gida gaba ɗaya, na zagaya na tambaya kuma na zauna da biro da takarda. Ni dai a ganina kar ka sayi kwantenar nan yanzu, amma bari in shimfiɗa maka lissafin ka gani da idonka don kuɗinka ne kuma na san da irin wahalar da ka tara su.

Shagon da muka gani wajen Sabon Gari jikka 25 ne a wata, mai shi yana son wata 6 gaba, wato jikka 150 ke nan a miƙa a karɓi makulli. Kwantena kuwa tsohuwa mai ƙafa 20, wadda tsawonta kusan mita 6 ne faɗi mita 2 da ɗan wani abu, an ce mana miliyan 1 da jikka 200, kuma mai ita bai ko son a taya, wai tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina kwantena ta yi wuyar samu. Lissafin da ƙanenka ya yi maka a waya shi ne a raba miliyan 1 da 200 da jikka 25, a samu wata 48, shekara 4 kenan ta biya kanta. Wallahi da haka abin yake da ni zan fara ce maka saya. Sai dai kwantena yadda take fitowa daga mota akwatin ƙarfe ne kawai, ba a ciniki cikinta sai an kashe mata wasu kuɗin.

Nauyinta fanko ya haura tan 2, saboda haka sai an nemo babbar mota da mai ƙugiyar ɗagawa, sun ce jikka 150. Mai walda zai yanka ƙofa ta gefe da taga ya yi kantoci da wurin kwaɗo, jikka 200. Sai maganar zafi wadda ita ce ta fi damuna, kai ka san watan 4 da na 5 a garin nan yadda ake wuce 40, ƙarfen nan in rana ta dake shi ciki tanda yake zama, sabulu ya yi laushi, alewa ta narke ta manne, madarar gari da biskit su canza ɗanɗano, shi kanshi yaron ba zai iya zama ciki da azahar ba. Dole a liƙa katako ta ciki a bar ɗan fili tsakaninsa da ƙarfen, sannan a ɗora rumfar kwano ko ta zana a sama yadda iska za ta riƙa ratsawa, wannan jikka 150. Ba a kuma aje ta kan ƙasa tsirara, sai an yi mata duwatsun siminti an ɗaga kusurwoyin 4 don ruwan damina, jikka 50, jawo kuran ma jikka 50. In ka tara duka miliyan 1 da jikka 800 ne, kuma fa ko ƙwayar magi ba a sa ciki ba tukuna.

Sannan filin da za ta zauna ba namu ba ne. Mai filin da muka yi magana da shi yana son jikka 10 duk wata. Ka ga ashe ba jikka 25 ake tsira da ita ba, jikka 15 ce, a shekara jikka 180, cire jikka 20 na fenti da toshe tsatsa ya rage 160. Raba miliyan 1 da 800 da 160, shekara 11 da 'yan watanni. Patanti da kuɗin wuta ban sa su ba don ko haya ko kwantena duk sai an biya.

Gaskiya kuma in ba ta haƙƙinta, hayar da ka biya ta tafi ke nan har abada, kwantena kuwa dukiya ce, ranar da aka gaji ana iya saida ta. In muka ɗauka za a saye ta jikka 900, abin da ya nutse jikka 900 ne, kuma ribar 160 ɗin nan za ta cike shi cikin shekara 5 da rabi da ɗoriya. Amma kuɗin walda da siminti da na ƙugiya ba mai saye da zai maida maka su.

Abin da ya yanke mani hukunci shi ne jari. Kuɗin da ka ce kana da su miliyan 2 ne. In an sayi kwantena saura jikka 200 na kaya, shago mai tsawon mita 6 da kayan jikka 200 ai kantoci ne fanko, mai saye ya zo neman mai babu, ya zo neman shinkafa babu, gobe ba zai dawo ba. In haya aka kama an ba da 150, a ƙara 50 na kantoci da fenti, saura miliyan 1 da 800 su shiga kaya. Mu ce ma bai juya su duka, ya juya miliyan 1 kaɗai a wata da ribar jikka 5 a kowace jikka 100, jikka 50 kenan, ta biya haya har ta bar 25, alhali kwantenar jikka 15 kawai take tsirar mashi da ita.

Ga kuma tashi. In fili na bakin titi ne takardar meri izinin zama na wucin gadi ce, ba ta mallaka ba, ka dai tuna yadda aka rushe shaguna da rumfuna a Yamai a 2016. In na wani ne, ranar da ya tashi gini ko magada suka zo rabo sai a ce ku ɗauke, a sake biyan ƙugiya, a sake neman wuri, masu sayen da aka saba da su kuma su watse. Mai haya ma ana tashinsa ko a ƙara mashi kuɗi, wannan gaskiya ne, amma shi kayansa kawai zai loda a amalanke.

Inda kwantena take da riba shi ne in filin naku ne ko haya ta yi tsada sosai. Da ƙofar gidanku na kan hanya da lissafin ya sauko shekara 6 da rabi, to amma lungu ne. In kuma kusa da Kasuwar Dole ne aka ce shago jikka 50 fili 10, ribar shekara ta zama 460, bai ma cika shekara 4 ba ta maida kuɗinta. Ko a nan ɗin ma sai an hau samanta an duba inda ruwa ke kwanciya, a shiga ciki da rana a rufe ƙofa, duk inda haske ya leƙo huda ce, a taka katakon ƙasa a ji ko ya ruɓe.

Shawarata a kama hayar shekara guda da takarda da shaidu, a rubuta cewa ba ƙari cikin shekarar, ƙanenka ya riƙa rubuta ciniki kullum a littafi, in shekara ta zagayo mu ga abin da yake juyawa, sannan a yi zancen kwantena da ribar shagon ba da uwar kuɗi ba. Mai shagon ya ce zai jira mu zuwa ƙarshen wata, don Allah ka ba ni amsa kafin nan, in ka yarda ka turo 150 ɗin farko ta hannun Hajiya in je da yaron da limamin unguwa a yi takarda.

Ka gaida 'yan gida da kuke tare can. Allah ya tsare, ya maido ka lafiya.

Naka amini,
daga Damagaram